Kundin aikin mayar da kalmomin ISO 9000 zuwa Hausa, masana'antar dabino, Madina

6 ga Oktoba, 2024

An tsayar da iyakar aikin yau. Kalmomi 24 za a fassara, duk daga sashe na 3 na ISO 9000:2015, kundin ƙasa da ƙasa da ke ba da ma'anar kalmomin tsarin kula da inganci, kuma waɗanda mai aiki zai ci karo da su ne a sassa uku na ISO 9001:2015, kundin sharuɗɗan da ake ba da satifiket a kansu: sashe na 8.7 kan kayan da suka fito ba daidai ba, na 9.2 kan binciken cikin gida, da na 10.2 kan abin da ake yi bayan an gano matsala. Masu tsince dabino da masu zuba shi a mazubi galibinsu Hausawa ne, wasu haihuwar nan Hijaz, wasu sun zo daga Sudan, wasu daga Najeriya da Nijar, takardun da suke sa wa hannu kuwa da Larabci da Turanci suke. Harsunan da hukumar ISO ke aiki da su a hukumance uku ne, Turanci da Faransanci da Rashanci, don haka Hausar da za mu fitar abin koyarwa ce da cike takarda a ɗakin aiki. Idan gardama ta taso da masu ba da satifiket, matanin asali za a koma.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: daga ma'anar da ISO ta bayar za a fara, kalmar Hausa ta biyo baya. Kowace kalma za a rubuta ta da lambarta da shekarar bugu. Dalilin shekarar shi ne lambobin sun canja: 3.6.2 a bugun 2005 ita ce kalmar rashin cika sharaɗi, a bugun 2015 kuwa wannan lambar ta koma kan inganci, waccan ta tafi 3.6.9. Wasu tsofaffin takardun horo da ke ofishin inganci suna kan lambobin 2005, an ware su gefe.

13 ga Oktoba, 2024

Ba a iya taɓa 3.6.9 ba sai da aka warware 3.6.4, domin a kanta ma'anar take tsaye. Larabci na ce wa 3.6.4 mutaɗallab. Ma'anarta ita ce buƙata ko abin da ake tsammani, ko an faɗe shi a fili, ko kowa ya san shi a al'adar sana'ar, ko doka ta wajabta shi.

Kalmomi uku aka auna. Buƙata ta yi laushi, mutum na iya buƙatar abu bai samu ba kuma ba abin da ya ɓaci. Ƙa'ida ta fi karkata ga yadda ake yin aiki, ba ta ɗauki nauyin da aka buga a jikin kwali ba. Sharaɗi aka zaɓa, saboda kowa a ɗakin ya san sharuɗɗan sallah, ya san cewa idan sharaɗi ya faɗi abin da ke kansa bai inganta ba. Raunin kalmar shi ne mai ji yana ɗauka sai abin da aka zauna aka ƙulla. Shi ya sa aka ƙara bayani a ƙarƙashinta: ko mai saye bai rubuta cewa kada a sami tsakuwa ko ƙwaro a cikin dabino ba, wannan ma sharaɗi ne.

20 ga Oktoba, 2024

Zama biyu aka yi kan 3.6.9, wadda takardun masana'antar ke kira adamul muɗabaƙa. Ma'anarta gajeriya ce ƙwarai, rashin cika wani sharaɗi, ba ƙari. Babu maganar wanda ya yi, babu maganar ganganci, babu maganar ko kayan sun lalace. Wahalar ita ce duk kalmar Hausa guda ɗaya da ta zo baki tana ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwan nan uku.

Laifi ita aka fara jefarwa. Laifi sai da mai laifi, kuma takardar da aka rubuta wa “rahoton laifi” a kai ba wanda zai cike ta a kan abokin aikinsa, balle a wurin da mutane ke tsoron a yanke musu albashi. Tsarin gaba ɗaya yana rayuwa ne a kan mutane su kawo rahoto da kansu, kalmar da za ta sa su ɓoye ta rushe shi tun daga tushe.

Kuskure ta fi sauƙi a kunne, amma ita ma tana nuna hannun mutum. Injin sanyaya ɗakin ajiya na iya tsayawa da dare, zafin ɗakin ya haura iyakar da aka rubuta. Ba wanda ya yi kuskure, sharaɗi kuwa bai cika ba, kuma dole a rubuta.

Aibi ita ta fi jan gardama, saboda ’yan kasuwa sun saba da ita, kuma Larabcinta da Hausarta ɗaya ne. An ajiye ta domin ISO na da wata kalma dabam, 3.6.10, wadda ita ce rashin cika sharaɗin da ya shafi amfanin da za a yi da kaya, har ta yi gargaɗi cewa bambancin yana da nauyi a shari'a wajen alhakin mai kaya. A fiƙihun ciniki ma haka ne, aibi ne ke ba mai saye damar mayar da kaya. Dabinon da ya yi tsami aibi ne. Takardar duba sikeli da aka manta ba a sa wa hannu ba rashin cika sharaɗi ce, dabinon kuwa lafiya lau. Duk aibi rashin cika sharaɗi ne, amma ba a juya maganar.

Rashin dacewa, wadda ta fi kusa da lafazin Larabcin, an gwada ta a kan mutum huɗu, uku suka ɗauke ta a ma'anar abin da bai kamata a yi ba ta fuskar ladabi, ɗaya ya ce rashin sa'a ne. An tsaya kan rashin cika sharaɗi. Ta yi tsawo, kalma uku, amma tana da wani amfani da gajerun ba su da shi: mai faɗinta sai an tambaye shi wane sharaɗi, kuma wannan ita ce tambayar farko da takardar ke nema. Rahoton da bai ambaci sharaɗin da aka saɓa ba ra'ayi ne kawai.

27 ga Oktoba, 2024

Ƙaramin aiki amma kada a manta da shi. Matanin ISO 9001 ya bambanta kalmomi huɗu a gabatarwarsa: na wajibci, na shawara, na izini, da na yiwuwa. An tsayar da “dole ne” ga na farko, “ya kamata” ga na biyu, “an yarda” ga na uku, “zai yiwu” ga na huɗu. A daftarin farko “ya kamata” ta shiga wurin wajibci sau biyar, saboda Bahaushe na sassauta umarni da ita don ladabi. An gyara duka. Abin da aka ce dole ne kaɗai ake rubuta wa rashin cika sharaɗi idan an bar shi, kamar bambancin wajibi da mustahabbi.

10 ga Nuwamba, 2024

An shiga 3.13.1, wadda Larabci ke cewa tadƙiƙ, wasu takardun kuma muraja'a. Ma'anar tana da ƙafafu da yawa: aiki ne mai tsari, mai zaman kansa, rubutacce, na tattara hujja da auna ta ba son rai, don a ga iya inda aka cika ma'aunin da aka sa.

Odit da odita suna nan a Hausa, sai dai sun riga sun zama na kuɗi. Wanda ya taso a Kano ko Zariya, da an ce odita zai zo, littafin akanta yake gani. Bita ta fi dacewa da zaman da shugabanni ke yi a sashe na 9.3 na ISO 9001, an bar ta can. Bin diddigi ta yi kyau a baki, amma ana buƙatarta ga 3.6.13, wato iya bin kwali a koma har gonar da dabinon ya fito, kuma ba a so kalma ɗaya ta yi aiki biyu. Tantancewa tana sa ran a ce wane ya ci wane ya faɗi.

Babbar matsalar ba a cikin Hausa take ba. A ɗakin aiki duk wanda ya shigo da takarda a hannu yana tambaya, sunan abin da yake yi taftish, kuma a garin nan taftish na tuna wa mutum shingen hanya da tambayar iƙama, wato takardar izinin zama. A kalmomin ISO kuwa taftish ita ce 3.11.7, duba kaya a ga ko sun cika sharaɗi: a ɗauki kwali, a buɗe, a auna. Mai tadƙiƙ ba kwalin ya zo dubawa ba. Yana so ya ga ko akwai tsarin duba kwalin, ko ana bin sa, ko an rubuta, ko yana haifar da abin da ake so. Zai iya ɗaukar kwali ɗaya, amma don ya gwada tsarin ne.

An tsaya kan binciken tsari ga 3.13.1 da duba kaya ga 3.11.7. Bincike ita kaɗai tana da warin ’yan sanda, “tsari” ce ke ɗauke ta daga kan mutum. Akwai asara a wannan zaɓin, kuma an rubuta ta a kundin: ma'anar ISO ta fi faɗi, ana yin tadƙiƙ a kan kaya ko a kan aiki guda. Ga abin da sashe na 9.2 ke nema dai ta wadatar. Iri ukun sun zo da sauƙi: na cikin gida, na mai saye a wurin mai sayar masa, da na hukumar waje mai ba da satifiket.

“Mai zaman kansa” ta so ta ɓatar da mutane, an ɗauka sai baƙo daga waje. An sake ta zuwa “wanda ba shi ke da alhakin aikin da ake bincika ba”. Mushrif, wato mai kula da aiki, na ɗakin wanki na iya bincikar ɗakin zubawa, nasa ɗakin ne ba zai bincika ba.

17 ga Nuwamba, 2024

An cire kalmar dalili daga kundin gaba ɗaya. Ga wanda ya taso da Larabci, dalil hujja ce. Ga wanda ya zo daga gida, dalili shi ne abin da ya jawo abu, wani lokaci ma uzuri. Takarda ɗaya na da gurbin hujja da gurbin abin da ya jawo, kalmar za ta iya faɗawa kowanne. Yanzu hujja ce ga abin da aka gani ko aka auna ko aka samu a rubuce, sanadi kuma ga abin da ya jawo.

An kuma lura cewa 3.13.9, abin da bincike ya gano, ba sharri kaɗai take nufi ba. Ta ƙunshi inda aka cika sharaɗi da inda ba a cika ba. Daftarin farko ya ce “matsalolin da aka gano”, an mayar da shi “sakamakon bincike”.

1 ga Disamba, 2024

Nan ne aikin ya fi tsauri. 3.12.3 ita ce tas'hih, kawar da rashin cika sharaɗin da aka gano. 3.12.2 ita ce ijra'u tas'hihi, kawar da sanadinsa don kada ya dawo. A Turanci da Larabci saiwar kalmomin biyu ɗaya ce, kuma wannan kamannin ne ke sa mutane a ko'ina suna rubuta na farko a gurbin na biyu. Daftarinmu ya bi sahu: “gyara” da “matakin gyara”.

An gwada su da wani rahoto na gaske daga watan jiya. Odar dabinon safawi ce, katan 40, kowane katan mazubi 24, jimla 960, kowane mazubi an buga masa giram 500 na dabino zalla. Mai duba kaya ya ɗebi 20, ya juye dabinon ya auna, bakwai suka zo tsakanin giram 485 da 495. Sauran 13 daidai suke.

Abin da aka yi ranar: an tsare katan 40 ɗin, an manna musu jar takarda, an buɗe, an sake auna kowane mazubi, an cika waɗanda suka gaza, an rufe. An karanta wa ma'aikata tara wannan da baki, aka tambaye su ko an ɗauki matakin gyara. Takwas suka ce ƙwarai kuwa. A Hausa gaskiyarsu ce, mataki ne kuma na gyara ne. A ma'anar ISO kuwa ba a ko fara ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ga sanadin da rahoton ya gano. Sikeli uku ne a layin. Tsohon mazubin roba nauyinsa giram 15 ne, sabon da ofishin saye ya kawo daga wani dillali giram 30. Sikeli na cire nauyin mazubi ne gwargwadon abin da aka ɗora masa lokacin da aka danna `TARE`. Masu sikeli biyu sun ɗora sabon mazubi ba komai a ciki sun danna da safe, kamar yadda suka saba. Na ukun bai danna ba, sikelinsa na ci gaba da cire 15. Idan allonsa ya nuna 500, dabinon da ke ciki 485 ne, ragowar 15 nauyin roba ne. Bakwai cikin 20 kusan kashi ɗaya cikin uku ne, daidai da sikeli ɗaya cikin uku, kuma wannan lissafin ne ya nuna inda za a duba.

A nan ma akwai tarko na biyu. Idan aka tsaya a “wane bai danna ba”, abin da za a rubuta shi ne an ja masa kunne. Da aka buɗe takardar umarnin aiki sai aka tarar babu inda ta ce a danna, ko da safe ko idan mazubi ya canja, kuma babu hanyar da ofishin saye ke sanar da ɗakin zubawa cewa ya canja kaya. Mutumin bai saɓa wa komai a rubuce ba. Biyun da suka danna al'adarsu ce ta cece su.

8 ga Disamba, 2024

An jefar da “matakin gyara”. Shawarar ita ce kalmomin biyu kada su haɗa saiwa a Hausa, ko da sun haɗa a harsunan asali. 3.12.3 ta zauna gyara. Ga 3.12.2 an gwada “toshe kafa”, wadda take Hausa ce tsantsa, sai dai ana toshe kafa tun abu bai faru ba, ta shiga gonar 3.12.1. Ita 3.12.1 rigakafi ce, ba gardama, kuma an sa mata bayani cewa bugun 2015 na ISO 9001 ba shi da sashe na musamman a kanta kamar 8.5.3 na bugun 2008, aikinta ya koma cikin maganar haɗari a 6.1. Abin da ya raba su: rigakafi kafin abu ya taɓa faruwa, 3.12.2 bayan ya faru.

An tsaya kan maganin sanadi. An kuma sake fasalin takardar Hausa ta yadda kowane gurbi tambaya ce cikakkiya, bisa jerin sashe na 10.2.1. Gurbin gyara yana tambaya, “Me aka yi da kayan nan?” Gurbin sanadi yana tambaya, “Me ya jawo?”, da “me” da gangan, domin a gwajin farko da aka bar kalmar sanadi ita kaɗai mutum biyu sun rubuta suna. Sai tambayar da aka fi tsallakewa, “Akwai wani wurin da irin wannan ke faruwa ko zai iya faruwa?” A rahoton safawi amsar ita ce layin mazubin kilo ɗaya, shi ma dillalinsa na iya canjawa. Maganin sanadin da aka rubuta biyu ne: layi a takardar umarni cewa dole ne a ɗora mazubi ba komai a danna `TARE` a farkon kowace wardiyya, wato duk canjin ma'aikata, a rubuta nauyin da ya nuna, da takardar sanarwa daga ofishin saye duk lokacin da mazubi ya canja.

22 ga Disamba, 2024

Ƙananan kalmomin da suka biyo bayan gyara sun tafi a zama ɗaya, ban da guda biyu. Sassauci ga 3.12.5, inda mai saye ya yarda ya karɓi kayan a yadda suke. Sauya daraja ga 3.12.4, kamar dabinon da bai kai girman na ɗaya ba a mayar da shi na biyu. Watsarwa ga 3.12.10, tare da bayani cewa ba lallai juji ba, hana kayan tafiya inda aka nufa da su ne.

Biyun da suka tsaya su ne 3.12.8 da 3.12.9. Ta farko aikin da ke mayar da kaya su cika sharaɗi sarai, kamar cika mazubin nan zuwa 500, an ce mata sake aiki. Ta biyu aikin da ke sa kaya su yi amfani ko da ba su koma daidai da sharaɗi ba. Hausar kowa ita ce gyara, amma an riga an ba da ita. An sa faci na wucin gadi, don kowa ya san tayar da aka yi wa faci tana tafiya amma ba sabuwa ba ce. A dabino da wuya ta taso, sai dai a katan ɗin da ya yage aka liƙe.

12 ga Janairu, 2025

An maimaita gwajin 1 ga Disamba da wasu mutum tara da ba su ji na farko ba, labari ɗaya, tambayar ita ce ko an yi maganin sanadi. Bakwai suka ce a'a, gyara kawai aka yi. Wata dattijuwa a layin tsincewa ta ce wa mai tambayar, “Ɗana, ai cika roba aka yi, sikelin na nan yadda yake.” Biyun da suka ce e sun ɗauka an gyara sikelin ne a cikin labarin, matsalar karatun ce, an sake jimlar.

Wani abin da gwajin ya fito da shi: huɗu daga cikin taran ba sa karanta boko, haruffan Larabci suka iya. Za a buga takardar da boko da ajami gefe da gefe, kuma za a naɗi kowace kalma da ma'anarta da misalinta a murya, kada ta wuce minti ɗaya.

2 ga Fabrairu, 2025

Kalmomi 21 cikin 24 sun tsaya. Gurbin ƙarshe na takardar, wanda ke tambaya ko maganin ya yi aiki, an cike shi a rahoton safawi: an duba rajistar sikeli ta kwana 30, an sami wardiyya biyu da ba a rubuta nauyin mazubi ba, don haka ba a rufe rahoton ba, an ƙara masa wata ɗaya. Kalmar da aka sa wa wannan gurbin ita ce tasiri, bayan an ƙi “inganci” saboda 3.6.2 ta riga ta ɗauke ta.

Uku da suka rage: faci, da 3.8.12 da 3.8.13. Biyun ƙarshe duk “tabbatarwa” suke fitowa a Hausa, alhali ɗaya tana tabbatar da an cika sharaɗin da aka rubuta, ɗayar tana tabbatar da abin ya biya buƙatar da aka yi shi dominta. Darasin gyara da maganin sanadi ya nuna kada a ba su saiwa ɗaya. Layin zai cika da odar azumi daga makon gobe, ba za a sami ma'aikatan gwaji ba sai bayan Sallah, don haka an ɗage su zuwa Afrilu. Kafin nan za a kai daftarin ajami ga malamai biyu su duba yadda aka rubuta ɗ da ƙ da ts.